Sai Bango Ya Tsage: Yadda Wani Koci Ya Buɗe Jawabi ga Yaran Ƙwallo a Makka

A gasar ƙwallon unguwanni da ake yi cikin watan azumi a Makka, ba a take wasa sai an idar da tarawihi, fili kuma na haya ne, awa-awa ake biya. Da zarar wasa ɗaya ya tashi, masu shirya gasar za su fara kiran na gaba. Saboda haka mai horar da yara ba ya samun fiye da minti uku na magana kafin alƙali ya hura usur, kuma a cikin ukun nan minti na farko ne kaɗai yara suke saurara da kunne biyu. Abin da za mu bi a nan shi ne yadda wani koci ya yi amfani da wannan minti guda: maganar da ya zaɓa ya buɗe da ita, waɗanda ya ajiye da dalilin ajiye su, yadda ya faɗe ta, da inda ta so ta ba shi matsala.

Ƙungiyar yara 12 ce, masu shekara 13 zuwa 15, 'ya'yan Hausawa mazauna wajen Shara Mansur da Rusaifa. Akasarinsu a Makka aka haife su. Suna jin Hausa a gida, amma a titi da fili Larabci ya fi saurin zuwa bakinsu, kuma kocin "Kabtin" suke ce masa kamar yadda ake kiran masu horarwa a can. Ana buga bakwai-bakwai, minti 20 kowane zagaye, a filin ciyawar roba mai tsawon kusan mita 60 da faɗin 40. Tsarinsu gola ɗaya, biyu a baya, uku a tsakiya, ɗaya a gaba. Wasan da ke gabansu shi ne na ƙarshe a rukuni, kuma canjaras ma ya ishe su su haye.

Ciwon da ake neman maganinsa

Kocin bai fara da neman magana mai daɗi ba. Ya fara da wasan da ya gabata, wanda aka ci su 4 da 1. Su suka fara cin ƙwallo, suka riƙe wasan har minti na 12. Sai aka farke, ta tsakanin 'yan bayan nan biyu. Golan ya ɗaga hannu yana yi wa na dama faɗa, na dama ya mayar masa, na hagu ya juya baya ya tafi. Cikin minti shida aka ƙara musu biyu, duk ta wuri ɗaya. Ta huɗun a ƙarshen wasa ta shiga, lokacin da kowa ya riga ya saki jiki.

Duk wanda ya san wasan bakwai-bakwai ya san dalili. In mutum biyu ne a baya, tazarar da ke tsakaninsu ita ce rayuwar ƙungiya. Idan ƙwallo tana tsakiyar fili, bai kamata su wuce taku goma zuwa goma sha biyu a tsakaninsu ba. In ɗaya ya fita tarar mai ƙwallo, ɗayan ya zame ya koma bayansa kaɗan, ɗan tsakiya kuma ya sauko ya cike gurbin. Duk wannan da magana ake yinsa: "na fita", "ina bayanka", "bar masa". Yaran da suka yi wa juna tsawa sun daina magana da juna, in sun daina magana kuma kowa zai bi ɗan wasan da yake kusa da shi, sai tazarar ta buɗe ta kai taku ashirin. Wato faɗan baki da ramin da ke cikin tsaron gida abu ɗaya ne, ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Da kocin ya gane haka, sai ya san abin da yake nema: magana guda da za ta ɗauki abu biyun nan a tare, tazarar ƙafa da tazarar zuciya, wadda kuma za a iya gutsuro kalma ɗaya daga cikinta a kira ta da ƙarfi ana cikin wasa. Wannan sharaɗi na biyu shi mutane suka fi mantawa. Yaro ɗan shekara 14 da ke haki a minti na 15 ba zai tuna jimla mai kalma goma ba, amma zai ji kalma ɗaya daga bakin golansa.

Maganganun da aka ajiye

Abin da ya fara zuwa masa shi ne wanda zai zo wa kowane Bahaushe in an ce haɗin kai: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Karin magana ne mai kyau, amma a ƙauyen da ake ɗora wa ɗaki jinka yake da ƙarfi. Yaron da ya tashi a benen Makka bai taɓa ganin maza sun taru sun ɗaga rufin ciyawa ba. Kafin a bayyana masa mene ne jinka, da nauyinta, da yadda ake ɗaga ta, rabin mintin ya tafi, kuma an koma darasin al'ada. Takwararta ta Larabci, wadda ke cewa hannu ɗaya ba ya tafi, yaran sun san ta sarai, sai dai sun ji ta a makaranta har ta daina taɓa su. Bayan haka duk biyun haɗin kai kawai suke cewa. Ba su gaya wa ɗan baya inda zai tsaya ba.

Na biyu shi ne faɗuwar gaba asarar namiji. Wannan kocin ya ajiye shi da wuri, kuma ya yi daidai. Yaran ba tsoro ne ya kayar da su ba. Kuma magana irin wannan tana zuga jini: a gaya wa matashi cewa mazantakarsa ce a kan layi, sai ya shiga ƙafar mutum a minti na biyu ya karɓi katin gargaɗi. Ga wanda kuma gabansa ke faɗuwa da gaske, kamar golan da aka zura wa huɗu, karin maganar zargi ne a gaban abokansa.

Ya kuma duba aya da hadisi, domin a Makka su ne suka fi kusa da harshen kowa. Aya ta 46 a Suratul Anfal ta yi hani ga jayayya, ta ce tana kawo karaya da gushewar ƙarfi. Akwai kuma hadisin Abu Musal Ash'ari da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mumini ga mumini kamar gini ne, sashensa yana ƙarfafa sashe, inda a ruwayar Bukhari Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sarƙe yatsunsa. Ma'anar ta dace ƙwarai. Amma ayar a kan haɗuwa da abokan gaba a fagen fama ta zo, su kuwa waɗanda za a kara da su yaran unguwar maƙwabta ne, da su aka yi sahu ɗaya a tarawihi awa guda da ta wuce. Sa'annan nassi ba abin da za a gutsura a riƙa ƙwala shi a fili ba ne, ana gudu ana faɗuwa. Sai ya bar hadisin ga dattijon da zai yi musu addu'a, inda zai zauna da mutuncinsa.

Sauran su ne maganganun da ake jingina wa manyan 'yan wasa, waɗanda ke yawo a waya da hoton mutum a gefe. Matsalarsu biyu. Da yawa ba a san inda mutumin ya faɗe su ba, yaran kuma suna da waya, akwai wanda zai bincika kafin sahur ya zo atisaye da labari. Ta biyu ta fi wannan saurin ɓata jawabi: suna yana raba hankali. Tun da Cristiano Ronaldo ya zo Al-Nassr a farkon 2023, ambaton sunansa a gaban yaran Hijaz, waɗanda yawancinsu Ittihad ko Ahli ko Wahda suke goyon baya, ya isa ya ta da murmushi da zunɗe. Mai magana yana kan jimla ta biyu, su suna kan gardamar wa ya fi wa. Ko Osama Hawsawi, wanda ya taso a Wahda ta Makka har ya zama kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, kuma ɗan baya ne kamar waɗanda ake son gyarawa, kocin zai iya ba da misali da wasansa wata rana a atisaye, amma ba zai sa masa maganar da bai ji daga bakinsa ba.

Wanda ya rage shi ne: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba ya buƙatar fassarar komai. Babu yaron da ya tashi a tsofaffin unguwannin Makka da bai ga ƙadangare ko tsaka ta shige tsagar bango ba. Karin magana ne, ba shi da mai shi, don haka ba wanda zai ce an yi wa wani ƙarya. A asalinsa a kan saɓani tsakanin 'yan uwa ake faɗarsa, ga shi kuma hotonsa daidai yake da abin da ya faru a fili: layi ya buɗe, ɗan gaba ya sulale ta ciki. Kuma yana da kalmar kira a cikinsa, gajeriya mai gaɓa biyu: bango.

Minti ɗayan

An gama motsa jiki saura minti takwas a take wasa. Kocin ya sa aka tattara ƙwallaye duka aka zuba a buhu, domin ƙwallo ɗaya a ƙarƙashin ƙafar yaro ɗaya ta isa ta janye idon mutum huɗu. Ya kai yaran kusurwar fili, ya tsayar da su rabin da'ira, bayansu ga 'yan kallo da abokan karawa, shi kuma ya fuskanci fitilar fili don kada ta haske musu ido. 'Yan benci biyar ya cusa su a tsakanin masu farawa, bai bar su a baya ba. 'Yan bayan nan biyu da golan ya jera su kafaɗa da kafaɗa ba tare da ya ce komai a kai ba. Sai ya yi shiru har surutu ya mutu da kansa, abin da bai wuce daƙiƙa biyar ba in mai magana bai ƙosa ba. Ga abin da ya ce:

"Samari, ku ba ni kunnenku. Iyayenmu suna cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Ya dakata kamar daƙiƙa uku, ya maimaita shi a hankali, sa'annan ya faɗi ma'anarsa da Larabci a jimla ɗaya saboda biyu ko uku da Hausarsu ba ta nuna ba. Ya ci gaba:

"Ƙadangare ba ya fasa bango. Ba shi da ƙarfin haka. Jira yake ya ga tsaga. Ranar nan ba fin ƙarfinmu aka yi ba, mu muka tsage, ni da ku duka, suka shiga sau uku ta wuri ɗaya. Yau abu biyu nake so. Tsakanin na baya da na baya, taku goma. In kuma an ci mu, don ana iya cin mu, ba mai ɗaga wa ɗan uwansa hannu. Gola zai ce bango, kowa ya dubi na kusa da shi ya matso. Kyaftin, in an ci mu me za mu yi?"

Kyaftin ya ce, "Mu matso, Kabtin." Kocin ya ce wa golan ya kira kalmar sau ɗaya su ji muryarsa. Ya kira, suka amsa. Daga nan aka shiga sauran jawabin, wato wa zai tsare wa a bugun kusurwa da wanda zai fara fita canji.

Duka buɗewar ba ta kai kalma 130 ba. Mai magana a natse yana faɗin kusan kalma biyu a daƙiƙa, don haka da dakatawar da amsar kyaftin abin ya tsaya a minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Kocin ya rubuta ta tun da rana, ya karanta da agogo, ya yanke jimla biyu da suka yi maganar muhimmancin wasan. Yaran sun fi shi sanin muhimmancinsa.

Akwai abubuwa a cikin bayanin da ya kamata a tsaya a kansu. Na farko shi ne jerin da ya bi. Ya fara da hoton da ke cikin karin maganar, ya ɗaura shi a kan abin da ya same su, ya ƙare da aikin da za a yi da ƙafa da baki. In aka tsaya a hoto kawai, yara za su gyaɗa kai su shiga fili ba abin da ya canza. In aka tsallake hoton aka tafi kai tsaye ga "taku goma", umarni ne irin wanda suke ji kullum a atisaye, zai shiga ta nan ya fita ta can. Karin maganar ita ce ƙugiyar da aka rataye umarnin a jiki.

Sa'annan bai ambaci sunan kowa a wajen laifi ba, alhali kowa ya san su wa ake nufi. Ya ce "mu muka tsage, ni da ku duka". Da ya dubi ɗan bayan dama ya ce "kai", da yaron ya kwashe mintin yana shirya kariyar kansa a zuci, sauran kuma su ɗauka maganar ba tasu ba ce. Golan da ya fara faɗan ranar nan shi aka ba aikin kiran kalmar. Yaro ne mai baki, ba za a iya hana shi magana ba, sai aka ba bakin nasa abin da zai faɗa.

Abin da ya fi duka wuya ga masu horarwa shi ne jimlar nan ta "don ana iya cin mu". Da yawa suna ganin kamar mugun fata ne a faɗi haka kafin wasa. Amma matsalar ƙungiyar nan a bayan an ci su take, kuma buɗewar da ba ta shirya su ga wannan lokacin ba ta bar ciwon inda yake. In aka ce musu "yau bango ba zai tsage ba", ƙwallo ta farko da ta shiga ta ƙaryata kocin, karin maganar kuma ta mutu nan take. Da yake an riga an gaya musu abin da za su yi in ta shiga, shigarta sai ta zama lokacin da maganar za ta fara aiki.

Muryarsa ma bai ɗaga ba. A nan ne ake yawan kwaikwayon abin da bai dace ba. Tun ranar 22 ga Nuwamba 2022, da Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1 a gasar cin kofin duniya a Lusail ta Qatar, bidiyon kocin Saudiyya na lokacin, Hervé Renard, yana yi wa 'yan wasansa tsawa a hutun rabin lokaci, tafinta yana mayarwa da Larabci, ya zama abin koyi ga masu horar da yara a ƙasar. Abin da ake mantawa shi ne Renard da manya yake magana, an riga an ci su ɗaya, kuma a cikin tsawar akwai gyara takamaimai: sun tsaya suna kallon Messi da ƙwallo a tsakiyar fili ba mai matsa masa, har ya yi musu ba'a cewa su ɗauko waya su ɗauki hoto da shi. Yaran da ke gaban kocinmu kuwa jininsu ya riga ya hau. Alamun a fili suke: wani ya kwance igiyar takalmi ya sake ɗaurewa sau uku, wani yana ta kurɓar ruwa, mai yawan barkwancinsu ya yi tsit. Irin waɗannan saukar da su ake yi. Da a ce ya tarar da su suna wasa da dariya, jiki a mace saboda nauyin buɗa baki, da karin maganar ɗaya zai faɗa, amma da kaifin murya.

Saura dattijon da ya saya wa ƙungiyar riguna, wanda ya zo kallo kuma bisa al'ada ba za a bar shi bai ce komai ba. Wannan shi ke rusa buɗewa da yawa: koci ya gama da magana ɗaya, baba ya zo da karin magana uku da labarin zamaninsu, yara su shiga fili da abu biyar a ka. Kocin ya same shi tun kafin motsa jiki ya ce, "Baba, in na gama da su, ke nan sai ka sa mana albarka, addu'arka muke so su shiga da ita." Dattijon ya karanta hadisin ginin nan, ya yi addu'a, aka shafa. An ba shi girmansa, maganarsa kuma ta bi hanyar da aka riga aka share.

A cikin fili

Minti goma na farko sun nuna illar da ke tattare da kowace magana mai ƙarfi: yara suna ɗaukarta fiye da yadda aka nufa. 'Yan bayan biyu suka manne da juna, tazararsu ba ta fi taku biyar ba, kuma ba wanda ya yarda ya fita tarar mai ƙwallo don kada a ce shi ne tsagar. 'Yan tsakiya na gefe su ma suka shigo ciki. Fili mai faɗin mita 40, ƙungiya ta taru a cikin 20 na tsakiya. Abokan karawa suka ga gefe a buɗe, suka riƙa gangarowa ta can suna kwaso ƙwallo cikin da'ira, har suka samu bugun kusurwa huɗu. A na huɗun, minti na 9, suka ci.

Akwai kuma ƙaramin ruɗani da ba a hango ba. Da aka ba abokan karawa bugun tazara daga nesa, golan ya ce "bango" yana nufin a matso, sai yara uku suka ruga suka jera katangar tare bugu a inda ba a buƙatarta, suka bar mutum biyu ba mai tsaro. Kalmar kira in ta yi kama da wani umarni da ake da shi a wasa, sai an raba su tun a atisaye. Ranar dai ba a ci su ta nan ba.

Amma abin da aka shirya domin sa ya faru. Da ƙwallo ta shiga, golan ya ɗauko ta daga raga, ya buɗe baki kamar zai yi abin da ya saba, sai ya ce "bango". Na dama ya dubi na hagu, suka taɓa hannu, aka koma tsakiya. Ba wanda ya ɗaga wa wani hannu. Ma'aunin da kocin ya sa wa kansa ke nan tun kafin wasa, kuma abu ne da ake iya gani daga bakin layi: daƙiƙa talatin na bayan an ci su, wa ya yi wa wa magana, da wace fuska, sai kuma minti biyar na bayan haka, ko an ƙara ko ba a ƙara ba. Ba a ƙara ba.

A hutun rabin lokaci bai kawo sabuwar magana ba. Wannan jarabawa ce babba, domin in abu ya karkace mutum yakan so ya jawo wani karin maganar ya daidaita na farko, sai a tashi da biyu masu karo da juna. Ya zauna a kan wadda ya fara da ita ya gyara fahimtarta. Ya ajiye gorar ruwa biyu a ƙasa, ya auna taku goma a tsakaninsu da ƙafarsa suna kallo, ya ce, "Wannan ne goma. Abin da kuke yi biyar ne. Bangon da ya tsaya a tsakiya kawai, ta gefe ake zagaye shi. In ƙwallo ta je gefe, na kusa ya fita, ɗan uwansa ya rufe bayansa, wanda ya fita ba tsaga ba ne." Ya kuma ce daga yanzu in katangar bugun tazara ake so, gola zai kira adadin mutane ne, biyu ko uku, kalmar bango kuma ta matsowa ce kawai.

Suka farke a minti na 31, aka tashi 1 da 1, suka haye. Ba za a ce karin magana ce ta ci ƙwallon ba. Ɗan gabansu ne ya ci, daga kuskuren golan can. Abin da za a iya jingina wa buɗewar shi ne cewa ƙungiyar da ta karɓi uku cikin minti shida ranar nan, yau ta karɓi ɗaya ta tsaya da ƙafarta har kuskuren abokin karawa ya zo ya same ta tana cikin wasa.

Matsewar da suka yi a zagayen farko kuwa daga bayanin ta fito. An ce "taku goma", amma ba a nuna goman ba, kuma an faɗi laifin buɗewa ba a faɗi laifin cunkushewa ba. Jimla ɗaya ta isa ta toshe wannan, ko kuma gorar ruwan nan biyu a ajiye su tun kafin wasa maimakon hutun rabin lokaci. Hanya mafi sauƙi ta gano irin wannan tun da wuri ita ce mai magana ya tambayi kansa: in yaro mafi biyayya a ƙungiyar ya bi maganar nan har ƙarshenta, me zai yi a fili? Amsar a nan ita ce zai ƙi fita daga layi. Da an ce musu sannu ba ta hana zuwa, mai biyayyar zai riƙe ƙwallo har a ƙwace.

A atisayen da ya biyo baya kocin ya mayar da kalmar aiki. Biyu a baya da ɗan tsakiya ɗaya suna tare mutum huɗu a fili mai faɗin mita 30, gola yana kira, minti huɗu-huɗu sau uku, ana tsayar da wasa duk lokacin da tazarar ta wuce taku goma sha biyu ko ta gaza takwas a auna ta da ƙafa. Karin maganar kanta bai sake buɗe jawabi da ita ba. Ta yi aikinta sau ɗaya, kuma in aka maimaita ta wasa uku a jere yara za su fara ƙarasa ta da muryar wasa kafin koci ya kai ƙarshe. Kalmar kiran ce ta zauna a bakin gola. Wasan gaba na sili ɗaya ƙwale ne, da ƙungiyar da ke tsayawa a baya tana jira, matsalar kuma ta koma gaggawar 'yan tsakiya da ke harba ƙwallo daga nesa tun ba a buɗe hanya ba, don haka kocin ya koma ga abin da ya gani a fili ya fara neman wata maganar daga can.